Yarona yana birgima a tsakiyar kasuwa: in tsawata ko in saya masa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya Likita. Ina zaune a Agege. Yarona shekararsa biyu da wata biyar. A gida yana da sauƙi, amma da mun fita sai ya zama wani. Makon jiya a kasuwar Mil 12 ya ga motar roba a hannun mai talla, na ce ba zan saya ba, ya zube a ƙasa cikin taɓo yana birgima yana ihu. Mutane suka taru, wannan ta ce in saya masa, wancan ya ce in zane shi. Na daka masa tsawa abin ya ƙaru, daga baya dai na saya don kunya. Haka muke yi kullum, ko a cikin danfo. Sau ɗaya ma ya yi kuka har ya shiɗe. Ba na son duka, ba na kuma son in sangarta shi. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana shi.

Bari in fara cire miki nauyi ɗaya daga zuciya, don ki samu ki ji sauran maganar. Borin da yaro yake yi tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu ba shaidar rashin tarbiyya ba ce. A wani bincike da Potegal da Davidson suka wallafa a Amurka a 2003, kusan yara tara cikin goma na 'yan shekara biyu da rabi zuwa uku suna yinsa, kuma uku cikin huɗu na borin ba ya wuce minti biyar. Ki riƙe wannan minti biyar ɗin a ranki, don a kansa duk shawarata take tsaye. A wannan shekarun yaro ya san abin da yake so sarai, amma kalmominsa kaɗan ne, kuma sashen gaban ƙwaƙwalwa da yake taka wa mutum birki bai nuna ba, sai an wuce shekara ashirin yake kammaluwa. Son ya yi ƙarfi, birki babu, baki bai iya bayani ba. Sai jiki ya yi magana.

To amma akwai abin da yake hannunki, kuma shi ne ya sa na ki yake ƙaruwa maimakon ya ragu. Duba yadda ranar ta kasance daga wajen yaron. Ya nuna mota, aka ce a'a. Ya yi ƙunƙuni, a'a. Ya yi kuka, a'a. Ya zube a ƙasa, ya yi ihu na minti huɗu, mutane suka taru, sai ga mota a hannunsa. Ba wai ya zauna ya ƙulla miki makirci ba ne, bai kai nan ba. Amma jikinsa ya koyi lissafin: farashin mota ihun minti huɗu ne a gaban jama'a. Idan gobe kika daure minti shida sannan kika saya, kin ƙara farashin ne kawai, kuma zai biya. Abin da ya fi wahalar kankarewa a ɗabi'ar mutum, babba ko yaro, shi ne abin da wani lokaci yake biya wani lokaci ba ya biya. Shi ya sa yake da sauƙi a gida: ya gwada a can ya ga ba riba. A kasuwa kuwa akwai kunyarki, kuma ita ce take saya masa.

Saboda haka hukunci ana yanke shi ne kafin kuka, ba a tsakiyarsa ba. Da ya nuna abu, ki tsaya daƙiƙa biyu ki tambayi kanki: yau ina da kuɗin da niyyar saya? Ina da ƙarfin tsayawa a kan a'a? Idan kin san kin gaji, kaya sun yi miki yawa, kuma daga ƙarshe za ki saya, to ki saya masa tun yana nunawa da yatsa cikin natsuwa. Wannan ba sangartawa ba ne, kyauta ce uwa ta yi wa ɗanta, har ya koyi cewa roƙo cikin hankali yana aiki. Na fi son ki ce "to" sau bakwai da "a'a" sau uku waɗanda ba sa motsi, da ki ce "a'a" sau goma bakwai su rushe. Amma da zarar "a'a" ta fita daga bakinki, motar nan ta haramta a wannan fitar, ko da sama da ƙasa za su haɗu.

Tsawa kuma ga dalilin da ya sa take ƙara abin. Masu binciken da suka naɗi sautin yara suna bori sun ga cewa abu biyu ne suke tafiya tare a cikinsa: fushi da baƙin ciki. Fushin shi ne ihu mai kaifi, shure-shure, jifa da duka, yana tashi da wuri ya sauka da wuri. Baƙin cikin shi ne kuka mai ja da shessheƙa, yana nan a ƙarƙashi tun farko, sai fushin ya lafa yake fitowa fili. Muddin yaro yana kan ganiyar fushi, duk abin da kika jefa masa itace ne a wuta: tsawa, barazana, tambaya, har dogon lallashi. "Me kake so? Ba na ce ka tashi ba? Ka ga mutane suna kallonka?" Ba ya jin ma'anar ko ɗaya, ƙarar kawai yake ji da fuskarki da ta canja. Duka yakan tsayar da kukan nan take don tsoro, na sani, shi ya sa mutane suke yabonsa. Amma bai koya masa yadda zai sauko da kansa ba, kuma yaron da ake bugu idan an yi fushi yana koyon bugu idan ya yi fushi. Tanƙwara icce tun yana ɗanye gaskiya ne, sai dai da hannu a hankali ake yi, wanda ya finciko karya shi yake yi.

Yanzu mu sake tafiya Mil 12 ɗin tare, tun daga ƙofar gida.

Rabin aikin a Agege ake yinsa. Yaro mai shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan uku zuwa biyar awa 10 zuwa 13, kuma mafi yawan 'yan shekarun ɗanki suna da barcin rana guda bayan azahar. Idan kun bar gida ƙarfe goma sha ɗaya, cunkoson Ojota da Ketu ya cinye muku awa ɗaya da rabi, to daidai lokacin da kika tsaya gaban mai tattasai shi ne lokacin yunwarsa da barcinsa, ga zafi, ga ihun 'yan dako, ga turereniya. Ko babba ya ji jiki. Ku fita da sassafe bayan ya karya, ki sa ruwa da ɗan abin ci a jaka, ayaba ko dafaffen ƙwai ko biredi, ki ba shi kafin ya nema. Ranar babbar sayayya ta buhu da kwando, in akwai wanda za ki bar masa shi a gida, ki bar shi. Ba gudun tarbiyya ba ne. Koyon fita ana fara shi ne da gajeriyar tafiya, shagon bakin layi, minti goma sha biyar, inda in ya yi bori za ki iya ɗaukarsa ku koma.

Kafin ku shiga kasuwa ki tsuguna ki gaya masa abu biyu kawai: "Yau tumatir da albasa za mu saya. Ba wasa yau. In mun gama za ka sha yogot." Idan kin yi alkawarin nan, ki cika shi. Ki lura da bambancin: abin da aka ambata tun kafin a shiga tsari ne, abin da aka fito da shi a tsakiyar ihu cin hanci ne. Sannan ki ba shi aiki. Ya riƙe ƙaramar leda mai albasa biyu, ya miƙa wa mai tumatir kuɗi. Hannun da yake riƙe da kaya ba ya saurin miƙewa ga na mai talla.

Duk da haka ga mai motar roba ya zo, kuma masu tallan Legas sun san aikinsu, a gaban idon yaro suke kaɗa kaya, ba a gaban na uwa ba. Ya nuna. Kin yanke a'a. Ki sauko daidai tsayinsa, murya ƙasa, ki ce: "Kana son motar. Tana da kyau. Yau ba za mu saya ba." Jimlar farko tana da amfani fiye da yadda ake zato, don yawancin ihun yaro ƙoƙari ne na tabbatar da cewa an gane abin da yake nufi. A wannan gaɓar, kafin wuta ta kama, ɗauke hankali yana aiki: "Zo ka ga ƙatuwar motar albasa," ko zaɓi tsakanin abu biyu da duk kin yarda da su: "Za ka taka ko in goya ka?" Ki kuma matsa daga wurin. Tsayawa gaban abin da aka hana shi azaba ce.

In ya zube, lokacin magana ya wuce. Abu na farko lafiyarsa. Ƙasan Mil 12 ba wurin da za a ce "ƙyale shi ya gama" ba ne, akwai baro, akwai babur, akwai kwata. Ki ajiye kayanki wajen mai shagon da kike ciniki da shi, ki ce "Malam, don Allah duba min," ba wanda zai ƙi. Ki ɗauke shi da hannu biyu ta ƙarƙashin hammata, bayansa a ƙirjinki, ƙafafunsa suna kallon waje don kada ya shure ki. Ina roƙonki kada ki finciko shi ta hannu ɗaya. Yaran ƙasa da shekara biyar jijiyar gwiwar hannunsu ba ta yi ƙwari ba, fizga ɗaya takan sa ƙashin ya goce. Muna ganinsu a asibiti: yaro ya saki hannu a gefe ya ƙi amfani da shi, uwa tana kuka tana cewa ja kawai ta yi. Gyaran ba wuya a hannun wanda ya iya, amma ba a kai shi wajen mai ɗori a yi ta murzawa. Kuma duk zafin rai, ba a girgiza yaro.

Ki kai shi gefe, bayan rumfa, jikin bango, inuwar masallaci, duk inda ido ya ragu. Ki zauna ko ki tsuguna kusa da shi. Ki faɗi magana ɗaya: "Ina nan. In ka gama sai mu tafi." Daga nan shiru. Kada ki zura masa ido, kada kuma ki juya ki yi kamar za ki tafi ki bar shi. Wannan barazanar ta "na tafi, zauna nan ɓarayin yara su ɗauke ka" tana tayar da yaro da gudu, amma tsoron rabuwa take shukawa, kuma a gari irin Legas ba na son yaro ya saba ganin uwarsa tana nisa da shi a cikin taro. In ya kai miki duka, ki riƙe hannun a hankali ki ce "Ba duka," sau ɗaya. Ki duba agogon wayarki. Da gaske nake. Abin da kike ji kamar rabin awa sau da yawa minti uku ne ko huɗu, kuma ganin haka da idonki yana sanyaya zuciya.

Za ki gane juyawar da kunnenki. Ihun mai kaifi zai koma kuka mai ja, jikin da ya sandare zai saki, zai fara satar kallonki ko ya miƙo hannu. Wannan ne lokacin rungumar. Nan ne iyaye da yawa suke kuskure ta ɗaya gefen, suna ganin in sun rarrashe shi sun ba da kai. A'a. Abin da aka hana shi mota ce, ba uwarsa ba. Ki ɗauke shi, ki share masa fuska, ki ba shi ruwa, ki goya shi in yana so. Zanin goyo babban magani ne da muke da shi: matsewar da ɗumin baya da tafiyar suna saukar da yaro fiye da kowace magana, sau da yawa kafin ki isa wajen kayanki ya yi barci. Ba wa'azi, ba "ka ga abin da ka jawo mana". Ku koma ku ƙarasa sayayya, ko da abu ɗaya ne ya rage, don kada ya koyi cewa bori yana tashin kasuwa. Motar dai ba a saya ba.

Sai jama'a, wanda na san shi ne ainihin abin da yake karya ki. A garin nan ba a ganin yaro yana kuka a wuce. Iya mai kifi za ta yi miki magana da Yarbanci, ɗan dako da buroka, dattijon garinku da Hausa, kowa da fatawarsa. Mafi yawansu tausayi ne, don ɗa na kowa ne, kuma kusan duk macen da take kallonki ta taɓa tsayawa inda kike tsaye. Ki tanadi amsa ɗaya tun daga gida, gajeriya, mai ladabi, ki yi ta maimaita ta: "Na gode Baba, gajiya ce, yanzu zai huce." Kada ki shiga bayani ko gardama, don yaron yana karanta muryarki. Wanda ya fi wuya shi ne mai kirkin da zai saya ya miƙa wa yaron, ko mai shagon da za ta danƙa masa alewa kyauta. Ƙin karɓa a al'adarmu cin fuska ne. Ki miƙa hannu ki karɓa da kanki, ki yi godiya sosai, ki ce "zan ajiye masa sai mun je gida," ki jefa a jaka. Ki ba shi washegari, a lokacin da yake cikin natsuwa, ba da ya yi shiru nan take ba.

A danfo ba gefen da za a koma. Ki ɗora shi a cinya yana kallon gaba, hannunki ɗaya a kan ƙirjinsa, ƙafafunsa tsakanin gwiwoyinki don kada ya shuri na gaba, ki sa baki kusa da kunnensa kina maimaita waƙar da ya sani ko zikiri a hankali. Ki nemi kujerar taga, iska tana taimakawa. Yawancin borin mota na zafi ne da ƙishi da matsi, kuma ba wa yaro mai ƙishi ruwa ba ba da kai ba ne, bukata ce. Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne waya. In za ki ba shi, ki ba shi tun kuna shiga yana lafiya lau. In sai ya yi ihu take fitowa, ta zama motar roba.

Ke kuma fa? Zuciyarki za ta buga, fuskarki ta yi zafi, wannan ba laifi ba ne. Abin da addini ya koyar game da fushi ya dace da wurin nan kamar don shi aka faɗa: a nemi tsari, a yi shiru, wanda yake tsaye ya zauna. Tsugunawar da na ce ki yi tana yi miki aiki kamar yadda take yi masa. Ki ja numfashi ki sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, sau biyar. Ranar da tsawa ta kuɓuce miki, kuma za ta kuɓuce, in kun huce ki ce masa "na yi maka tsawa, yi haƙuri," ba tare da kin janye a'ar ba.

Ki shirya wa abu ɗaya: makon farko zai fi muni. Yaron da ya saba minti huɗu suna biya, ranar da ba su biya ba zai gwada takwas, da ƙarfi fiye da da. Wannan alama ce cewa ya lura an canja, ba alamar hanyar ta gaza ba. In kika saya a ranar, kin koya masa takwas. In kika daure fita uku ko huɗu a jere, yawanci za ki ga borin ya gajarta kafin ya ragu a yawa. Ki gaya wa maigida da duk wanda yake fita da shi, don in Baba yana saya a minti na biyu, aikinki zai yi ta komawa baya.

Maganar shiɗewa kuwa ba zan wuce ta da sauri ba. Yana faruwa ga kusan yaro ɗaya cikin ashirin, tsakanin wata shida zuwa shekara shida. Yaro ya yi kuka mai ƙarfi, ya fitar da numfashi ya kasa ja, leɓe ya yi duhu, wani lokaci ya saki jiki ko ya sandare. Ba da gangan yake yi ba, kuma yawanci cikin ƙasa da minti ɗaya numfashi yake dawowa da kansa. Ki kwantar da shi a gefensa a ƙasa, kada ki ɗaga shi tsaye, kada ki girgiza shi. Jama'a za su kawo cokali, albasa, manja, ruwa. Kada ki bari a sa masa komai a baki, don shaƙewa ita ce haɗarin gaske. Tunda ya taɓa yi, ki kai shi asibiti a duba shi a auna jininsa, domin shiɗewa tana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, kuma in an samu haka, magani yakan rage ta sosai. In ya wuce minti ɗaya bai farfaɗo ba, ko ya yi fari fat ya faɗi ba tare da wani kuka ba, ko jijjiga ta biyo, ko da zazzaɓi, wannan na gaggawa ne a ranar. Bayan ya farfaɗo ki rungume shi, amma tsoron shiɗewa kada ya sa a daina ce masa a'a.

Akwai kuma borin da ya wuce na shekaru. Ki nemi likitan yara in yawancin borinsa yana wuce minti 25, ko yana yi fiye da sau biyar a rana kwanaki da yawa, ko yana cizon kansa ko buga kansa da ƙarfi har ya ji rauni, ko ba ya iya saukowa ko an rarrashe shi. Haka in a shekarunsa bai haɗa kalma biyu ba, kamar "Mama zo", a kowane harshe, Hausa ko Yarbanci ko Turanci duk a haɗa a ƙirga. Kada a ce miki yawan harsunan Legas ne ya hana shi magana. In ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko ƙarar janareto da hon suna sa shi toshe kunne ya rikice ba tare da ya nemi komai ba, a duba jinsa da ci gabansa, don irin wannan rikicewar ba a magance ta da tsayawa a kan a'a, fitar da yaro daga hayaniyar ake yi.

Kafin ki je, ki yi mako biyu kina rubutawa a takarda ko a waya: ƙarfe nawa ya fara, a ina, yaushe ya ci abinci, ya yi barcin rana ko bai yi ba, minti nawa ya ɗauka, da abin da ya kawo ƙarshensa. Ki tafi da takardar, tare da katin rigakafinsa mai nuna nauyinsa.